Shafi sittin da uku a buɗe

Karo na uku ke nan mai sayar da tikitin jirgi tana kiran mai haɗa intanet. Ta riga ta gaya wa maƙwabtan shagonta cewa aikinsa na banza ne.

Da ya zo, ya buɗe shafin da take kuka da shi a wayarsa, da waifai ɗin shagon. Nan take ya fito.

"Hajiya, layi lafiya lau yake. Shafi sittin da uku kika bari a buɗe, ga tarkacen manhajoji da kika liƙa wa burauza. Ina kwamfuta za ta numfasa?"

"Kar ka rufe min! Kowane shafi fasinja ne, da su nake tunawa."

Ya dangwara mata biro da takarda. Tana rubutawa, tana rufewa, tana tsaki. Shafin da take kuka da shi ya buɗe tar.

"Saura maƙwabta," in ji shi. "Tashi mu je ki gaya musu ba laifin aikina ba ne."