Layi Huɗu da Taiba ta Rubuta

Ranar da Taiba ta yanke shawarar barin asibitin Alhaji Ɗayyabu da ke Bakura, shafi uku ta cika da biro, gaba da baya, har hannunta ya yi tsami. Shekara bakwai tana ungozoma a wurin, ba a taɓa ɗaga mata murya ba sai wannan makon.

Ga abin da ya faru. An kawo wata mata daga Ruwan Gizo tana naƙuda da hantsi. Ta haihu lafiya, sai jini ya ɓalle. Taiba ta yi mata allurar tsayar da jini, ta ƙara, ba ta ga alamar aiki ba. Ta danna mata ciki, ta sa mata ƙarin ruwa, ta sa aka ɗauko mota zuwa Talata Mafara, tana riƙe da matar har suka isa. Allah Ya yi da sauran kwana. Sai da ta dawo ta gano cewa firijin da ake ajiye allurar ya yi kwana uku a kashe lokacin da take hutu, don manaja Shamsuddeen, ɗan ƙanin Alhaji, ya ce janareto na cin mai. Ita kuwa allurar nan ba ta son zafi.

Dangin matar suka kai ƙara hukumar lafiya. Washegari Shamsuddeen ya miƙa wa Taiba takardar tuhuma, wai ta yi sakaci. Kowa a asibitin ya gane inda aka dosa: ana neman wanda za a ɗora wa kayan, in kuwa aka ɗora mata, lasisinta ne zai tafi, tare da aikin da aka yi mata alkawari a wani asibiti a Maradun.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta hau babur zuwa Talata Mafara, gidan gwaggonta Husaina, wadda ta yi shekara talatin da biyu tana sakatariya a ofishin gwamnati kafin ta yi ritaya. Ta iske ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, Kawu Buba, ƙanin mahaifin Taiba, yana kan tabarma ya zo gaisuwa. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, sannan Taiba ta fito da takardunta.

Gwaggo ta ɗora tabarau ta karanta a tsanake. Sau biyu ta yi dariya.

"Kai, ɗiyata, kin iya zagi da Turanci. Wa ya koya miki?"

"Gwaggo, duk abin da ke ciki gaskiya ne."

"Ban ce ƙarya ce ba. Karanta mini nan." Ta nuna da farce.

Taiba ta karanta tana fassarawa saboda Kawu Buba. "Kowa ya sani an daɗe ana kashe firij, kuma magungunan da ke ciki sun lalace."

"Kowa. To ke ba kowa ba ce?"

"Ai ni ban sani ba sai daga baya!"

"Ni na yarda. Takarda hwa? Takardar ta ce kin sani an daɗe, kin ɗauko allura kin yi wa ɗiyar mutane. Ga sunanki a ƙasa, ga sa hannunki. Ko lauya ba sai sun ɗauka ba." Ta juya shafi. "Nan kin ce Alhaji macuci ne, yana wasa da rayuka. Kina da shaida a hannu cewa shi ya ba da umarni?"

Taiba ta girgiza kai.

"To ya samu ƙara ta biyu, ɓata suna. Nan kuma kin ce daga yau ba ki ƙara taka wurin. Takardar ɗaukarki aiki ta ce notis na wata nawa?"

"Wata guda."

"Kin gudu daga aiki ke nan ana cikin bincike. Kyauta uku kin haɗa musu cikin ambulan ɗaya."

Kawu Buba ya gyara zama. Mutum ne mai son zaman lafiya, shi ake kira in an yi saɓani a dangi. "Abin da nike gani ke nan. A yaga wagga takarda. Ki rubuta ta ladabi: kin gode, kuma duk abin da kika yi na kuskure, wanda kika sani da wanda ba ki sani ba, a yafe miki. Haka aka san rabuwa. Ba a barin wuri ba a nemi gafara ba."

Taiba ta ji maganar ta shige ta, don da ita aka yi mata tarbiyya. Ko tafiyar kwana biyu mutum zai yi, sai ya ce a yafe shi. Amma Gwaggo ta cire tabarau ta dubi ƙaninta.

"Buba, kai dai Allah Ya ba ka lada, amma kada Ya ba ka ofis. Neman gafara ibada ce, da baki ake yinta, ido cikin ido. Fayil bai san ibada ba. Na ga direban da aka kora babu ko sisin sallama saboda layin nan naka. An tashi a taro aka karanta, aka ce ga shi da kansa ya amsa yana da kuskure."

"Subhanallahi. Yanzu ladabin ma laifi ne?"

"A takarda, ranar rigima, i."

Mutane na son cewa mai gaskiya ba ya tsoron faɗin komai. Waɗanda ke faɗin haka yawanci ba su taɓa ganin yadda ake ɗauko tsohuwar wasiƙa a karanta ta a ɗakin da mai ita ba shi da ikon katse kowa ba. Gwaggo Husaina ta gani, sau da yawa ita ce ma ke miƙa fayil ɗin.

Ta sa Taiba ta ɗauko sabuwar takarda. Kwanan wata a sama. Layi na farko: tana sanar da ajiye aikinta na ungozoma. Na biyu: tana ba da notis na wata guda kamar yadda yarjejeniya ta tanada, ranar ƙarshe kaza. Na uku: za ta miƙa duk abin da ke hannunta a rubuce ga wanda aka ce. Na huɗu: ta gode da damar aiki na shekara bakwai. Sai suna da sa hannu.

Taiba ta dubi takardar, ƙwalla ta cika mata ido. "Shi ke nan? Kamar ba a yi mini komi ba? Firijin hwa?"

"Firij yana da tasa takardar. Sun ba ki tuhuma, ki amsa ta daban: ƙarfe nawa aka kawo matar, mi kika yi, ƙarfe nawa, wa ke wurin, yaushe kika dawo hutu, yaushe kika ji labarin firij kuma daga bakin wa. Abin da idonki ya gani kaɗai. Kada ki ɓoye, kada ki yi wa kowa suna. Kuma ajiye aiki ba ya tsayar da bincike, in an kira ki ki tafi. Kowace takarda kwafi biyu, a buga miki hatimi a naki."

Litinin da safe ta miƙa wa Shamsuddeen duka biyun. Ya karanta takardar ajiye aikin, ya juya bayanta yana neman ci gaba, ya ga fari fat. Ya so ya jefa a aljihun tebur, ta tsaya a kansa da kwafinta har ya buga hatimi ya sa kwanan wata, yana tsaki.

Kafin azahar Alhaji Ɗayyabu ya aiko kiranta. Ya karɓe ta da fara'ar da ba ta taɓa gani ba, har da lemo.

"Malama Taiba, shekara bakwai, sai layi huɗu? Ai ke ɗiya ce a nan. Ki faɗi dalilinki a rubuce, ki amayar da duk abin da ke ranki, mu gyara."

"Ranka ya daɗe, na samu wani wuri ne."

"To madalla. Ƙara layi ɗaya mana, na al'ada, a yafi juna. Kina sawa, ni kuma in sa a janye takardar tuhumar. Magana ta mutu."

Nan ne zuciyarta ta yi rawa. Dattijo ne, sa'an mahaifinta, yana roƙon abin da ko baƙo ba a hana shi. Ta dubi biron da ya turo mata, ta lura cewa alkawarinsa a baki yake, nata kuwa a takarda ake so.

"Alhaji, tsakanina da kai, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Na faɗa da bakina. Takarda kuwa a bar ta yadda take."

Fara'ar ta ɗauke. Ta yi masa sallama ta fita, lemon ko buɗe shi ba ta yi ba.

Watan nan ta yi shi kamar mai tafiya kan ƙaya. Ba ta makara ko sau ɗaya ba. Aka yi ta jefa mata magana a baranda, ta yi kamar ba da ita ake ba. Ta karɓi haihuwa goma sha tara, ta rubuta takardar miƙa kaya har almakashi, wadda ta gaje ta ta sa hannu.

Ana saura kwana huɗu ta gama, mutum uku suka zo daga hukumar lafiya, shugabarsu wata babbar ma'aikaciyar jinya mai furfura. Shamsuddeen ya yi jawabi mai tsawo: Taiba ta san ta yi laifi, shi ya sa take gudu.

"Kawo takardar ajiye aikin," in ji shugabar. Ta karanta da ƙarfi, ba ta kai minti ɗaya ba. "Ina gudun? Ga notis, ga ta zaune da kayan aiki. Ina inda ta amsa laifi?"

"Ai tana da ƙullin Alhaji a rai, kowa ya sani," in ji Shamsuddeen.

"A nan godiya na gani." Ta ɗauki amsar tuhumar, ta bi ta da yatsa layi-layi, ta tsaya a wuri ɗaya. "Makullin ɗakin magani a hannun wa yake?"

Shamsuddeen ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi silin.

"A kawo mini takardar auna sanyin firij, wadda ake cikewa safe da yamma."

Aka kawo. Gidajen kwana ukun nan babu komai a cikinsu, na huɗu ne ranar da aka kawo matar. Aka duba rajistar hutu, aka ga Taiba ba ta gari. Daga nan tambayoyi suka bar kanta, suka koma inda ya kamata su fara. Ita dai abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa.

Bayan mako biyu takarda ta fito daga hukumar: babu laifin sakaci a kanta, an ma rubuta cewa gaggawar da ta yi ce ta ceci matar. Ta yi kwafi uku kafin ta nuna wa kowa.

Ranar da ta fara aiki a Maradun ta faɗo ranar kasuwa, babura sun cika hanya, da ƙyar ta kutsa. Shugaban asibitin ya buɗe fayil ɗinta, ya duba lasisi, ya duba takardar hukuma, ya rufe. Bai gama yi mata maraba ba wata ma'aikaciya ta leƙo tana haki, an kawo mai naƙuda, tagwaye ake zato. Taiba ta ajiye jakarta a kan kujerar, ta tambayi inda ake wanke hannu.