Hotunan Bikin Kadijatu

Ni na ja wa Goggo Fanta aka rufe mata shafinta na Instagram, kuma na kwana biyar ina taya ta zagin wanda ya kai ƙara kamar ban san komai ba.

Goggo ƙanwar babana ce, telar amare a Majidaɗi. Shekara shida tana tara mabiya a shafin nan, har daga Sunkani da Yola ake aiko mata da ɗinki ta cikinsa. Ba ta karanta Turanci, shi ya sa ta miƙa min wayar kasuwancin, tunda ni ce malamar makaranta mai ji da kai.

Da aka yi bikin Kadijatu, wata da Goggo ta ɗinka wa kaya kala huɗu, na roƙi amaryar hotuna. Ta turo, ta ce ai hotunanta ne, in saka yadda nake so. Ni ma haka na ɗauka. Fuskarta ce, bikinta ne, to na wa za su zama? Na zaɓi shida, na yanke sunan mai hoton da ke ƙasa saboda yana ɓata min tsari, na yi ta sakawa ɗaya ɗaya, da lambar Goggo a jiki.

Mai hoton, Simeon, mai studiyo a hanyar Kona, ya turo saƙo. Wallahi cikin ladabi ya rubuto. Ya ce shi ya ɗauka, haƙƙin mallaka nasa ne. Amarya tana iya ajiyewa ta nuna wa 'yan'uwa, amma talla sai da izininsa. In sauke, ko mu yi magana ya ba mu izini a rubuce, a mayar da sunansa. Raina ya ɓaci. Na rubuta masa cewa kayan Goggo ne suka yi wa hotonsa kyau, in yana da abin yi ya yi. Na goge hirar, na tafi aji.

Ya yi kuwa. Aka fara sauke hotunan, kowanne da sanarwa ɗauke da sunansa. Ni da taurin kai na sake saka biyu, na rubuta cewa godiya ga mai hoto, wai na yi dabara. Ashe ambaton mutum ba izini ba ne. A Instagram, mai maimaita laifi rufe shi suke yi, aka rufe mu ana saura wata ɗaya bukukuwan Disamba.

Goggo ta rame. Kullum tambayarta ɗaya, me ta yi wa yaron nan da bai ko yi mata magana ba ya kai ta ƙara? Ni kuma in ce hassada ce kawai. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, kullum tana ƙara nauyi.

Sanarwar ta ce wanda ya kai ƙara yana iya janyewa. Na faɗa mata haka, ina nufin in lallaɓa in je ni kaɗai. Sai ta ɗauki mayafi ta ce mu tafi.

A studiyo, kafin in buɗe baki, Goggo mai shekara hamsin da takwas ta durƙusa a gaban Simeon, sa'an ɗanta na biyu. Ta ce ita ba ta san dokar hoto ba, ya yafe mata. Ya yi sauri ya ɗaga ta.

"Mama, tashi don Allah. Ai na turo saƙo tun farko."

"Wane saƙo, ɗana?"

Wayarsa tana hannunsa, hirar tana ciki. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Sai ya kife wayar a kan tebur ya ce wataƙila bai shiga ba. A gabanmu ya aika takardar janye ƙarar, amma ya ce dawo da shafin yana hannun kamfanin Instagram, ba zai yi mana alkawari ba. Ya kuma rubuta mana izinin hotuna biyu, da sharaɗin sunansa ya zauna a jiki.

A cikin keke Goggo ta riƙe hannuna tana sa min albarka, wai da ba ni ba, da ba ta san ana janyewa ba. Na kasa jurewa. Na faɗa mata duka, da yanke sunan, da saƙon, da amsar da na ba shi.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na ji sauƙi. Ta zare hannunta a hankali, ta ɗora a cinyarta.

"Hajaratu, kina tsaye a bayana, kin sani, kika bar ni na durƙusa?"