Kofi Mai Hannu Biyu

Shekara ashirin na yi ina ɗaukar hoton kayan sayarwa, sai na'ura ta koyi ƙera hoton da kanta. Ƙanwar matata, mai kamfanin talla, ta ji tausayin yayarta ta ba ni kujera kusa da firinta. Aikina duba hotunan da na'ura ta ƙera kafin a miƙa wa masu kaya. Wato an ɗauke ni aikin gyara wa wadda ta kore ni.

Na rubuta ƙa'idoji biyar, na manna a bango: gefuna, daidaiton ɓangarori, rubutu, launi, baƙin abubuwa. Tun ranar ake kirana Baba Lista, saboda wannan jerin.

Wata mai sayar da kofuna ta ba mu gwaji: hoto ɗaya, in ya yi mata, aikin shekara namu ne. Ta aiko da samfuri a kwali. Na tura shi ƙarƙashin tebur na ɗora ƙafa, don gwani ba ya buƙatar kwali.

Da na'ura ta ƙera hoton, na zuƙo shi har kofin ya fi allon kwamfuta girma. Bakinsa ya narke cikin bango, na sa aka gyara. Tambarin ya fito da haruffan da babu su a kowane harshe, aka goge aka ɗora na ainihi. Shuɗin na gwada da lambar launin da ta turo, ya yi daidai. Can a kusurwa na kama rabin cokali yana shawagi babu mai riƙe da shi, na kira kowa ya zo ya ga abin da gogewa ke yi. Daidaito kuwa, na ja layi a tsakiya, hagu da dama kamar tagwaye. Na buga maki biyar, na sa hannu har da ƙawa.

Washegari mai kofunan ta shigo, ta ajiye wayarta a teburina, hoton da muka tura mata a buɗe.

"Malam, kai ne mai dubawa?"

"Ni ne."

"Sannu da ƙoƙari. Kofina hannu nawa gare shi?"

Na duba. Biyu ne a hoton, ɗaya dama ɗaya hagu, sun yi kyau ƙwarai.

"Jarirai nake sayar wa?"

Ƙanwar matata ta sunkuya, ta zaro kwalin daga ƙarƙashin ƙafata. Ko salatif ɗin ba a yanke ba.

"Yaya, ai ka kyauta," in ji ta. "Ka adana mata shi sabo fil."

Na ce daidaiton dai babu laifi.

"Babu kam," in ji mai kofuna. Ta karɓi kwalinta, ta tafi da aikin shekara a hammata.

Ba a kore ni ba, saboda matata. An dai ƙara layi na shida a saman listata, da jan biro, da rubutun ƙanwarta: buɗe kwalin. Na duba rubutun sosai. Haruffan duk daidai suke.