Umma a Zaune

Yayana bai yarda da kowa ba, kuma aikinsa ne ya mayar da shi haka. Mai duba gine-gine ne. In ya shiga gidan biki ma sai ka gan shi yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, yana sauraren inda aka yi ha'inci. Don haka ranar da na kira shi na ce likitoci sun yanke shawara a kan zuciyar Umma, ban gama magana ba ya ce, "Su wa suka yanke? A gaban wa?"

Umma ta haura tamanin, tana da ciwon suga, ƙodarta kuma ta fara gajiya. Da ciwon ƙirji ya matsa mata, likitar zuciya ta zura siririn bututu ta wuyan hannunta, ta ɗauki hoton jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Uku suka gani sun ƙuntace. Ba ta taɓa komai ba a ranar, ta zare bututunta ta ce sai sun zauna da likitan tiyata tukuna. Da suka zauna, suka ce ba za a buɗe ƙirjin Umma ba. Sitent za a sa mata, wato 'yar ragar ƙarfe da ake shigarwa ta bututun nan a buɗa ta cikin jijiya.

Yaya ya iso daga garin da yake aiki washegari, ya riga ya karanta duk abin da waya za ta iya nuna masa. A kicin ya tsare ni, ya rufe ƙofa.

"Auta, mai suga da jijiya uku tiyata ake masa. Baifas. A ɗauko wata jijiya a yi wa jini sabuwar hanya ta tsallake toshewar. Kowa ya san shi ya fi daɗewa. Wannan abin nasu faci ne. Na san faci, kullum shi nake kamawa."

"To ai sun ce jikinta..."

"Jikinta me? Yanzu na fito daga wajenta, tana min tsiya a kan tumbina. Wa ya ce musu ba ta da ƙarfi? Ke kika shiga wurinsu, ko ba ke ba?"

Na gane inda ya dosa, raina ya ɓaci. Ni ke zaune da Umma. In aka yi tiyata, jinyar watanni a kaina za ta sauka, ga aikina na koyarwa. A tunaninsa na je na kwantar da murya na ce tsohuwa ta ƙare, don in samu sauƙi. Bai faɗa ba, amma kallon da yake wa bango shi ya yi min.

Abin da ya fi ci min rai shi ne amsar tana bakina, ba ni da ikon faɗa. Umma ta sa na yi mata alkawari. Duk ranar da Yaya zai zo, tun da safe muke fara aiki. In yi mata wanka, in shirya ta, ta dafa gado da hannu biyu, in tallabo ta ta hammata, mu ja ƙafa zuwa kujerar falo mai hannu. A nan zai same ta, mayafi a kafaɗa, turare na tashi, baki kamar reza. In ta fara gajiya sai ta ce, "Tashi ka tafi, hanya da nisa." Ba ta motsawa sai ta ji ƙarar motarsa ta bar layin. Ko wannan zuwan, masauki ta kore shi, wai gidan ya yi mana kaɗan. Ta ce min, "Ɗan nan ya binne ubansa, ya binne matarsa. Bar shi da uwa mai ƙarfi ko da a ido ne."

A daren, bayan ya tafi, na ce mata, "Umma, ki sake ni daga alkawarin nan. Zai ɗauke ki ya kai ki wani asibitin, ya nemi wanda zai yarda ya yanka ki."

"Yanka kuma? Sai ka ce akuya."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Miƙo min ruwa."

Ban ɓoye ba, ni ma ina da nawa zargin. Likitar zuciyar yarinya ce, ita ce kuma mai sa sitent ɗin. Mai sayar da kaya zai ce nasa ba kyau? Na sha tambayar kaina ko da gaske sun auna, ko kuwa sun ga tsohuwa ne suka ce a lallaɓa ta.

Yaya ya nemi a haɗa shi da likitocin biyu. Ya ce kuma a ba shi faifan hoton, domin ya riga ya yi magana da wani asibiti. Ranar ganawar ya ce zai biyo ya ɗauke mu, Umma ta ce a'a, ya wuce ya kama mana layi. Sai da ta tabbatar ya yi nisa muka shiga tasi, muka isa yana can layin karɓar faifan, ma'aikaci ya turo ta a keken marasa lafiya daga ƙofar asibiti har bakin ofis, ta sa na zaunar da ita a kujerar jira na ɓoye keken a bayan labule. Da aka kira mu ta ce, "Ku shiga, ni na ji nawa. Ina nan."

Ofishin ƙarami ne, kwamfuta ɗaya da kujeru. Likitan tiyata dattijo ne mai kaurin yatsu. Yaya bai ko zauna da kyau ba ya fara.

"Likita, gaskiya nake so. Baifas ya fi sitent ga irinta, ko ƙarya na karanta?"

"Ba ƙarya ba ne," in ji dattijon. "Mai suga da jijiyoyi uku, in jikinsa zai ɗauka, tiyata nake ba shi shawara. Haɗarin bugun zuciya ya fi raguwa, komawa a sake aiki ya fi raguwa, kuma bayan shekaru waɗanda aka yi wa sun fi rayuwa. Da kai ne a kwance, da tiyata zan ce."

Yaya bai zaci za a yarda da shi ba. "To me ya hana?"

"Amfanin tiyata a gaba yake, haɗarinta kuma a farko. Sai mutum ya tsallake makonnin farko kafin ya ci ribar. Hoton ƙirjinta ya nuna babbar jijiyar da nake matsewa lokacin aiki ta yi tauri kamar alli. In na taɓa ta, ɓarɓashi na iya tafiya ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ga ƙoda."

"Ko dai kuna tsoron ta mutu a hannunku ta ɓata muku suna?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon bai yi fushi ba. "Tambaya ce mai kyau, ana yin hakan. Ka kai faifan duk inda kake so."

Likitar zuciya ta juyo da kwamfutar. Jijiyoyin suna rawa a kan allo kamar saiwar bishiya. Ta nuna da biro. "Ka ga ƙuncin nan gajere ne, wannan ma haka, ba a mararraba suke ba, babu wadda ta toshe gaba ɗaya. Irin wanda sitent ke iya wa ne. Da dogaye ne masu sarƙaƙiya, ni da kaina zan ce ban iya ba. Ta ukun sai na auna ƙarfin jinin da ke wucewa, in yana isa in bar ta. Ba rana ɗaya zan yi duka ba, saboda ruwan da ake zubawa a jijiya don ɗaukar hoton yana wahalar da ƙoda. Za ta sha maganin hana daskarewar jini iri biyu na watanni ba fashi. Kuma jijiyar na iya sake ƙuntacewa, ban ɓoye maka ba."

"Faci ke nan."

"In ka ga dama ka kira shi haka."

"Duk wannan takarda ce da hoto," in ji Yaya, ya juyo ya kalle ni. "Wani ne ya gaya muku uwata ta gaza. Ni na san ta."

Dattijon ya dube ni, ya dube shi. "Ba wanda ya gaya min komai. Ƙanwarka na tambaye ta, ta ce in tambayi mai jikin. Mama na waje?"

Ya buɗe ƙofa ya fita, muka bi shi. Umma na zaune, jaka a cinya, ta haɗe rai. Ya durƙusa a gabanta.

"Mama, kin tuna abin da muka yi rannan? Ɗanki yana son ya kai ki a buɗe ƙirji. Wanda aka yi wa haka, washegari muke tayar da shi ya taka, don huhu kada ya cika. Ƙashin ƙirji kuma da waya ake ɗaure shi, ba a son a dinga dannawa da hannu wajen tashi sai ya haɗe. In kin yarda, ki naɗe hannu a ƙirji ki miƙe ya gani. In ba ki yarda ba, shi ke nan, ba zan ƙara ba."

Umma ta harare ni, kamar ni na shirya. Na kau da kai. Sannan ta kalli Yaya, wanda ke tsaye da faifan a hannu, yana murmushin wanda ya san zai ci.

"Tashi ki nuna musu, Umma."

Sai ta miƙo min jakar, ta naɗe hannuwa a ƙirji. Ta karkato gaba, ta yunƙura. Ko tsawon yatsa ba ta bar kujerar ba. Ta sake, gwiwoyinta suna karkarwa, mayafin ya zame. A na uku ta saki hannuwan ta dafa hannun kujera, ta danna da duk ƙarfinta, ta ɗago rabi ta tsaya a nan tana haki. Ni kuwa jikina ya riga ya san aikinsa, kafin in yi tunani hannuna na ƙarƙashin hammatarta.

Yaya ya ga yadda na riƙe ta. Ya ga ba yau na fara ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun kafin rasuwar matarka," in ji Umma. "Kada ka kalli yarinyar nan, ni na hana ta. Da na bar ka ka kai ni aka yanka don kawai in rufa wa kaina asiri, ai ita za ka tsana har abada."

Bai ce min yi haƙuri ba, Yaya ba ya iya wannan kalmar. Ya tsaya yana juya faifan, sannan ya miƙa wa likitar zuciya, ya tambaye ta wace rana za ta fara da ta farkon. Ban daina jin haushinsa ba a lokacin, amma tausayinsa ya fi yawa.

Na juya zan jawo keken daga bayan labule, Umma ta ce, "Bar shi. Kai, zo nan."

Ya matso, ya rasa inda zai kama, ya riƙe ta a wuyan hannu kamar mai gaisuwa.

"Ba nan ba, hannun da aka huda ke nan," ta ce. "Auta, nuna masa."