A Ƙarƙashin Wa Za Ta Zauna?

Duk ɗalibin da makaranta ta turo koyon aiki a kamfaninmu na zanen gine-gine, a teburina yake fara sauka, ni da takardar ranar farko. Na cike ta har na gaji da ganinta.

Ɗalibar ranar nan doguwa ce, rungume da jakar zane. Na zaunar da ita muka fara bi layi-layi. Katin shiga: na ba ta na wucin gadi, na ce kada ta ara wa kowa. Lokacin aiki: takwas zuwa biyar, hutu ƙarfe ɗaya. Tana ta rubutawa, baiwar Allah, har da abin da ban ce ta rubuta ba.

A layin mai kula da ita muka cije. Wanda aka rubuta an mayar da shi wani reshe, ba wanda ya tuna ya gaya mini. Makarantarta kuma ta ce in ba a mayar da takardar yau da sa hannun mai kula ba, gurbin ya tashi, sai baɗi.

Na je wajen mai kwamfutoci, ko kai bai ɗaga ba.

"Anti, kin san doka. Ba mai kula, ba imel, ba lambar sirri. Wa zai amince a buɗe mata manhajar zane, ni?"

Shugaban sashen zane ya ce aiki ya sha masa kai, in gwada injiniya. Injiniya ya yi dariya.

"In ɗaukar kaya ne a turo ta. Amma rahoto duk mako? Ki rufa min asiri."

Haka na yini hawa da sauka, gwiwoyina na ƙara, raina a ɓace. Duk dawowar da na yi sai ta miƙe tsaye, in ce ta zauna.

La'asar na yi na je wajen manaja. Yana haɗa jakarsa ya ce, "Ai ke ma babbar ma'aikaciya ce, sa sunanki mana. Sai dai a buɗe mata kayan sashenki na takardu kawai."

Na sa. Nan da nan aka ba ta imel da tsohuwar kwamfuta a gefen teburina, babu manhajar zane a ciki. Na ɗauki hoton takardar na aika makaranta.

Har ƙasa ta durƙusa. "Allah Ya saka da alheri, Anti. Mamata tun safe take kira."

Tausayinta ya kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Ta zuge jakar zanenta tana murmushi. "Gobe da wane gini zan fara?"

"Ajiye jakar nan tukuna," na ce. "Kin iya ciro takarda in ta maƙale a injin kwafi?"