Gurbi Huɗu a Gefen Allo

Shekara goma sha tara ina zuwa gidan Malam Tsuruoka duk Laraba da hantsi muna buga go, wasan baƙaƙe da fararen duwatsu a kan allo, ban taɓa cinye shi ba. Shi ya koya mini riƙe dutse tun ina sabon ma'aikacin gidan waya. Yanzu ya haura tamanin, idonsa na hagu ya yi yana.

Ran nan na matsa wa fararen duwatsunsa a gefen allo har na kewaye su. Gurbi huɗu suka rage musu a ciki, a jere. Kowa ya san huɗu a jere rayayyu ne: in na sa dutse a ɗaya daga cikin biyun tsakiya, ya sa a ɗayan, ya samu ido biyu, wato gurbi biyu a rabe, ba mai iya kashe su. Uku ne ke mutuwa idan abokin wasa ya riga ka tsakiya, don ido ɗaya ake bar maka.

Malam ya sunkuya yana ƙirgawa da yatsa. Na huɗun yana can bakin layi, inda inuwar ƙofa ta faɗa.

"Ɗaya, biyu, uku. Kuma kai ne da sawa," ya ce. "Sun mutu ke nan. Na sallama, Nagamine."

Na dai sunkuyar da kai na yi godiya. Matarsa tana durƙushe gefenmu tana zuba shayi. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ɗauki farantinta ta fita.

Kafin sati ya zagayo, duk 'yan ƙungiyarmu ta go sun ji. Malam da kansa ya bi su da waya, wai ɗalibinsa ya girma.

"Ashe tsohon na ciwuwa," in ji Hoshide mai aski. "Nuna mana yadda ka yi mana, gwani."

Na ce na manta wasan. Wannan makon ko abincin kirki ban ci ba.

Da Laraba ta zo, na daɗe a zaure ina kwance igiyar takalmi. Na tarar an jawo allon gaban taga, an jera duwatsun yadda muka bar su.

"Malam, huɗu ne," na ce, idona a tabarma. "Na gani tun ranar."

"Na sani. Washegari ina cin shinkafa na sake bin wasan a kaina. Na tambayi uwargida, ta ce ita ba ta shiga maganar maza."

"Su Hoshide fa?"

"Ni na gaya musu labarin farko. Na biyun naka ne." Ya turo mini kwanon baƙaƙen duwatsu. "Zauna. Kai ne da sawa."

Muka ci gaba daga nan. Ya cinye ni da maki shida. Daga gidan, shagon Hoshide na nufa, na tarar da mutum uku suna jiran aski, duk 'yan ƙungiya.