Awarwaron da Aka Narkar

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin awo na wani kamfanin haƙar ma'adinai. Aikinsa shi ne a kawo masa garin dutse, ya gasa, ya narkar, ya auna, ya rubuta ko giram nawa na zinari ke cikin kowane tan guda. Da ya ajiye aiki sai sunan Mai-awo ya bi shi har gida. Mutum ne da ba ya faɗin adadi sai ya tabbatar, ba ya kuma cewa "tabbas" a inda ya kamata a ce "galibi".

Ƙanensa maƙerin zinari ne, ya rasu wata bakwai da suka wuce, ya bar mata da 'ya ɗaya mai karatun unguwarzoma. Kayan shagon duk sun tafi wajen jinya. Abin da ya rage shi ne awarwaro shida da ya ƙera wa 'yar a shekararsa ta ƙarshe, lokacin da hannunsa ya soma rawa. Aikin da a da yake gamawa cikin sati ya ɗauke shi wata huɗu. A cikin kowanne ya buga 'yar alamarsa ta ganye uku.

Ranar wata Talata da hantsi matar marigayin ta yi sallama a ƙofar Mai-awo, riƙe da waya. Ta zauna a bakin kujera, ta ƙi taɓa ruwan da aka kawo mata.

"Yaya, ka ji abin da ake faɗa? An ce an gano zinari tan miliyan arba'in a wata ƙasa. Jiya na bi ta layin masu zinari, kowa maganar da yake yi ke nan. Dillalin nan abokin marigayi ya ce kafin shekara ta zagayo zinari zai koma kamar dalma."

"Shi dillalin ya daina saye ne?"

"A'a, yana saye."

"To, ashe dalmar na da masoya."

Ta ɗan yi murmushi, amma bai kai idonta ba. Ya karɓi wayar, ya gyara tabarau, ya karanta labarin sau biyu.

"Wannan nauyin dutse ne suka faɗa, ba nauyin zinari ba. Ga shi a ƙasa sun rubuta giram biyu a kowane tan. In kin tara, zinarin da ke ciki tan tamanin ne, shi ma in an iya fitar da shi duka. Kafin a haƙa rami, a kafa injin niƙa, a ja ruwa da wuta, shekara goma ta wuce, wani lokaci ashirin. Bayan nan ma kaɗan-kaɗan zai riƙa fitowa."

"Tan tamanin ɗin ma ai da yawa, Yaya."

"A ɗakinki da yawa ne. A duniya kuwa, bari in gaya miki." Ya jingina, muryarsa ta koma irin wadda yake koyar da sababbin ma'aikata da ita. "Duk zinarin da ɗan Adam ya taɓa haƙowa, tun daga mutanen farko masu wanke yashi a bakin kogi har zuwa yau, an ƙiyasta ya ɗan haura tan dubu ɗari biyu da goma. Kusan kashi biyu cikin uku an haƙo shi ne bayan 1950. Da za a narkar da shi wuri guda a yi dunƙule mai kusurwa huɗu, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne mita ashirin da biyu ne ko kusa da haka. Filin makarantar da ke bayan gidan nan zai ɗauke shi har a sami wurin wasa. Kuma zinari ba ya tsatsa, ba ya ruɓewa, ba a ƙone shi kamar mai, ba a cinye shi kamar hatsi. Kusan duk wanda aka haƙo yana nan, a wuyan mata, a rumbunan bankuna, a cikin akwatuna. Abin da mahaƙan zinari na duniya gaba ɗaya ke ƙarawa a shekara tan dubu uku da rabi ne, wato bai kai kashi biyu cikin ɗari na abin da ke hannu ba. Sai an yi shekara sittin ana haƙa a haka kafin a ninka shi. Abin da ba a iya yawaita shi da gaggawa, ba a iya zubar masa da daraja da gaggawa ta hanyar haƙa. Wannan ne ke tallafe da shi."

Ta murza gefen mayafinta.

"Ni dai ban yi karatunku ba. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Marigayi ya ce wannan ne abin da ya bar wa yarinyar nan. In na riƙe ya lalace a hannuna, me zan ce mata? Za ka iya tabbatar mini ba zai faɗi ba?"

A nan ne halinsa na shekara talatin da ɗaya ya riga shi magana.

"Tabbatarwa kam ba zan iya ba, don ba gaskiya ba ne. A tsakiyar ƙarni na sha tara an yi manyan gano-gano, abin da ake haƙa a shekara ya ninka sau da yawa, ƙimarsa ta ɗan ja baya. Kuma daga 1980 farashinsa ya yi ta sauka kusan shekara ashirin, har ya koma ƙasa da rabi. Amma wannan na biyun ba yawan haƙa ya jawo shi ba, dalilansa dabam ne, kuma…"

"Shekara ashirin," in ji ta a hankali.

Ya ci gaba da bayani a kan kuɗin ruwa na bankuna da tsoron mutane, ya kawo shekaru, ya gyara wata shekara da ya faɗa ba daidai ba. Ta saurara cikin ladabi har ya gama, ta yi godiya, ta tafi. Ya raka ta ƙofa yana ganin ya sauke nauyi.

Ranar Alhamis da safe matarsa ta dawo daga cefane ta ce masa ta hangi matar ƙanensa jiya a layin masu zinari, ta fito daga shagon dillalin nan tana share ido.

Bai ƙarasa shayinsa ba. Ya san tsarin layin, domin ƙanensa ya yi shekara ashirin da takwas a cikinsa: tsofaffin kayan da aka saya a sati ana tara su, ranar Alhamis a narkar, a zuba sanda, a kai wa masu tacewa. Ya sa takalmi, ya tari mota, cunkoso ya riƙe su a gada, ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, gwiwarsa na ciwo.

Shagon ƙunci ne, da gilashi a gaba, ma'auni a kan tebur, da baƙin dutsen gwaji da kwalaben ruwan gwaji a gefe. Tun daga bakin ƙofa ya ji warin wuta da ƙarfe mai zafi yana fitowa daga ɗakin baya.

"A'a, Mai-awo da kansa! Yau wane dutse muka yi wa laifi?" in ji dillalin, yana goge hannu da tsumma.

"Awarwaro shida. Na zo in mayar maka da abin da ka bayar, in ɗora maka riba."

Dillalin ya daina goge hannun.

"Da ka zo awa guda da ta wuce…"

Ya shiga ciki ya fito da ƙaramar sandar zinari a kan faranti, tana da sauran ɗumi. Ba ta kai tsawon tafin hannu ba.

"Suna nan ciki, tare da sarƙa huɗu, da 'yan kunne, da wani zobe da aka ce na kakar wani ne."

"Ka ga alamar da ke jiki?"

"Na gani."

"Ka san hannun wane ne."

"Na sani, wallahi. Sai da na ce mata ta je ta sake tunani. Ta ce ta riga ta tambayi wanda ya fi kowa sani a gidansu, ya ce zinari yakan yi shekara ashirin yana faɗuwa." Ya kawar da kai. "Ni kuma ɗan kasuwa ne."

"Kai ka ce mata zai koma dalma."

"Kowa a layin nan ya faɗa. Magana ce ta bakin shago."

"In ka yarda da ita, me ya sa kake saye?"

Dillalin ya ajiye tsumman a kan tebur. Can ya ce, "Bari in yanka maka daidai nauyinsu daga sandar nan, a farashin da na saya, ban ci komai ba. Zinari ai zinari ne, kai ka fi ni sani. A ba wani maƙeri ya ƙera mata wasu."

Mai-awo ya ɗauki sandar ya juya ta. Duk rayuwarsa abin da ya koyar ke nan, cewa giram na nan da giram na can ba su da bambanci, shi ya sa ake iya tara na duniya duka a lissafi guda. Ya duba ta ko'ina, sumul take, babu ko ɗigon da zai nuna wata huɗun da ƙanensa ya yi a sunkuye yana riƙe hannu ɗaya da ɗayan don ya daina rawa.

"Yanka," ya ce. "Haƙƙin yarinya ne."

Da azahar ya isa gidan marigayin. Matar na zaune a tsakar gida, kwanon wanki a gabanta, ba ta wanke komai ba. Ya ajiye ɗan guntun a kan tabarma, naɗe cikin takarda. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Su ne wannan?"

"Nauyinsu ne. Darajar ba ta ragu ba."

"Tun da na fito daga shagon nake so in koma, kunya ta hana ni." Ta rufe takardar. "Yaya, da na zo wurinka, don me ba ka ce mini kawai kada in sayar ba?"

Ya buɗe baki zai ce ai duk abin da ya faɗa ma'anarsa ke nan, kuma babu kuskure ko ɗaya a ciki. Sai ya ga babu amfanin faɗa.

"Ya kamata in ce haka," in ji shi. "Ban ce ba."

Ta goge fuska da bayan hannu.

"Ranar Asabar yarinyar za ta dawo hutu. Duk zuwan da ta yi, kafin ta ajiye jaka sai ta buɗe akwatin ta sa su a hannu, ta zauna a wurin da babanta ke zama. Ni ba zan iya gaya mata ba."

Mai-awo ya dubi ƙofar ɗakin da akwatin yake, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ƙarfe nawa motarsu ke isowa?"

"Sha ɗaya."

"Ni zan je tasha in ɗauko ta. Zan gaya mata a hanya, kuma zan fara da nawa laifin."